Abin da na rubuta a kan kakana ya yi kama da na kowa

Assalamu alaikum Anti. Kakana na wajen uba ya rasu makonni uku da suka wuce, yana da shekara 86. Tela ne, ya fi shekara hamsin a kan keke. Ranar arba'in dangi za su taru a gidansa bayan addu'a, kuma baffannina sun ce ni zan rubuta wani abu in karanta, wai ni ce 'yar boko. Ga yadda na fara: "Alhaji mutum ne mai haƙuri, mai gaskiya, mai riƙon amana, mai zumunci, mai kyauta, mai riƙo da addini. Uba ne ga kowa, bango ne abin jingina. Mun yi babban rashi, ya bar giɓin da ba mai cike shi." Haka na yi ta yi har shafi biyu. Da na karanta wa ƙanena sai ya ce in an cire sunan, a makokin kowa ma za a iya karantawa. Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Ni abubuwan da nake tunawa ƙanana ne. "Uwargida" yake ce mini. Ba ya zubar da ƙyalle komai ƙanƙantarsa, a buhu yake tarawa a ƙarƙashin keke. In aka taɓa masa almakashi kuwa, ranar kowa sai ya sha faɗa. A zaman makoki wata mata da ban sani ba ta ce shekara bakwai yana yi wa marayunta ɗinkin sallah da ragowar yadi, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ina tsoron in faɗi irin waɗannan a ce na raina shi. Ga shi gidan ɗaki uku ne, kowa kunne a buɗe ya ji wa za a ambata. Yaya zan yi?

Jikar tela, daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Kada ki yi fushi da ƙanenki, aikin da ya yi miki babba ne. Kuma kada ki yaga shafi biyun nan tukuna, za mu yi amfani da su. Amma ki sani, rubutun da za ki karanta ranar arba'in kin riga kin fara shi, yana nan a ƙarshen wasiƙarki, a wurin da kika ce ƙananan abubuwa ne. Ni da ban taɓa ganin kakanki ba, na karanta haƙuri da gaskiya da zumunci ban ga kowa ba. Da na iso kan buhun ƙyalle sai ga tsoho zaune a gabana, ƙafarsa a kan keke.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. "Mai kyauta" hukunci ne da kika yanke bayan shekarun da kika yi kina kallonsa. Ke kin ga abin da ya kai ki ga hukuncin, masu sauraro kuwa hukuncin kaɗai kika miƙa musu. Kuma kalmomin nan kowa ya ji su sau ɗari a zaman makoki, kunne ya saba da su kamar sallamar maroƙi, suna shiga ta nan su fita ta can. Wanda ya ji an ce mamaci mai kyauta ne zai gyaɗa kai ya ce Allah ya jiƙansa. Wanda ya ji labarin matar nan da marayunta, shi da kansa zai ce a ransa ashe Alhaji mai kyauta ne, kuma abin da mutum ya faɗa wa kansa ba ya saurin mantawa.

Akwai wani labari a Sahihul Bukhari da nake tunawa duk lokacin da aka kawo mini irin takardarki. Sahabin nan Abdullahi ɗan Rawaha ya taɓa suma, 'yar'uwarsa Amra ta ɗauka tafiyar ce ta zo, ta fara kuka tana cewa wayyo dutsena, wayyo kaza, wayyo kaza, tana lissafa darajojinsa. Da ya farfaɗo sai ya ce mata babu abin da ta faɗa face an tambaye shi: kai haka kake? Daga baya da ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, ba ta yi masa irin wannan kukan ba. Malamai suna kawo labarin ne a kan hana kururuwar mutuwa, ba ina cewa rubutunki shi ne wannan ba. Tambayar nake so ki ara. Ita ta ce dutse, ke kin ce bango. Ki ɗauki biro ki bi shafi biyun nan layi bayan layi, duk inda kika yaba masa da wani hali ki tsaya ki tambayi kanki: haka yake? Wace rana na gani? Ina muke zaune, wa ke wurin, me ya ce?

Za ki ga halayen sun rabu gida uku. Akwai waɗanda ranarsu za ta faɗo miki nan take. Akwai waɗanda kin san gaskiya ne amma ba ki da ranarsu, domin abin ya faru tun ba a haife ki ba. Akwai kuma waɗanda kika sa don kawai haka ake faɗa. Na ukun nan ki soke su ba tare da jin nauyi ba. Soke "mai haƙuri" daga takarda ba ya rage wa Alhaji ladan haƙurin da ya yi. Ni ma dai, tsakanina da ke, mutumin da gida ke ɗaukar zafi saboda almakashi, in kika buɗe da cewa haƙuri ne babban halinsa, baffanninki za su sunkuyar da kai, kuma daga nan sun daina yarda da sauran abin da za ki faɗa.

Na biyun su ne ke buƙatar ki taka da ƙafarki. Kina da kusan kwana goma sha tara kafin arba'in, ya ishe ki zama da mutum huɗu ko biyar. Ki je wurin matansa da ke raye, ki nemi tsohon yaron shagonsa da ya koyi ɗinki a hannunsa, da wanda suke zama tare a sahun gaba a masallaci. Amma ki kula da yadda za ki yi tambayar. In kika ce "Hajiya, wane irin mutum ne Alhaji?" jerin da kike gudu shi za ta maido miki, ta ce ai mutumin kirki ne, ba ruwansa da abin kowa. Ki tambayi abin da ke da amsa guda. Wane abinci ne in an yi ba ya ci? A ina ya sayi keken farko, wa ya ba shi kuɗin? Ana gobe sallah ƙarfe nawa yake shigowa gida? Wace magana ce ba ya rabuwa da ita a baki? Wa ya taɓa cinye masa kuɗin ɗinki, me ya yi a kai? Wannan ta ƙarshen ita za ta ba ki riƙon amana da haƙurin da kike nema, in akwai su, da suna da wuri da rana. Ki tafi da littafi, ki rubuta maganar yadda ta fito daga bakinsu, kada ki gyara musu Hausa. In tsohuwa ta ce "wo ni 'yar nan, ai kakanki ko allura ta faɗi sai ya tashi gida," haka za ki rubuta.

Sai kuma wurin da na fi so ki daɗe. Kin ba ni buhun ƙyalle a layi ɗaya, kin ba ni matar marayu a wani layin, kamar abubuwa biyu ne dabam. Ki sake karanta wasiƙarki. Da me ta ce yana yi wa yaranta ɗinki? Da ragowar yadi. Abin da kuka yi shekaru kuna gani a ƙarƙashin keke, wataƙila har kuna yi masa dariya kuna cewa Alhaji ya cika maƙo, ga alama shi ne kayan sallar marayun. Na ce ga alama, domin ba na so ki ɗora zato a kan mamaci. Ki nemi matar, ko yaron shagon, ki tabbatar. In ya tabbata, kin samu ƙashin bayan rubutunki gaba ɗaya: abin da gida ya ɗauka rowa ne, ashe sadaka ce yake ɓoyewa. In bai tabbata ba, ki faɗi biyun a jere yadda kika sani, ki bar masu sauraro su haɗa da kansu.

Bari in nuna miki yadda gyaran zai kasance. Inda kika rubuta "mai kyauta, uba ga kowa," zai iya komawa kamar haka:

"Duk wanda ya taɓa shiga shagon Alhaji ya san buhun nan na ƙarƙashin keke. Ƙyalle ko bai kai tafin hannu ba, ba ya barin a share shi. Mu jikoki mun sha yi masa tsiya a kai. Ranar da muke zaman makoki wata baiwar Allah ta shigo, ban santa ba. Ta zauna ta yi gaisuwa, sannan ta ce shekara bakwai Alhaji na yi wa marayunta ɗinkin sallah da ragowar yadi, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Shekara bakwai, sallah goma sha huɗu in har da babbar sallah yake yi. Ni da yake kira uwargida, ko sau ɗaya bai gaya mini ba."

Ki lura kalmar kyauta ba ta fito ko sau ɗaya ba, kuma ba wanda zai tashi daga wurin bai san Alhaji mai kyauta ba ne. Ki lura kuma da inda na tsaya. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi ya ƙara da cewa "wannan ya nuna mana irin zuciyar da Allah ya ba shi." Kada ki ƙara. Da zarar kin fassara labari kin ƙwace wa mai sauraro rabonsa. Ki yi shiru na numfashi biyu, ki wuce. Abubuwan da na cike da su daga kaina, kamar tsiyar da na ce kun yi masa da lissafin sallolin, ki duba, in ba haka aka yi ba ki cire. A ɗakin akwai mutanen da suka fi ki sanin marigayin da shekara arba'in, ƙarin gishiri kaɗan za su ɗanɗano shi. Kuma kafin ki ambaci matar ki nemi izininta, sunanta da na yaranta kuwa ki bar su. Shi da ya ɓoye abin shekara bakwai, sirrinsu yake rufawa.

Yanzu tsoron da kike ji na a ce kin raina shi. Ina ganin kin manta ko ke wace ce a gidan. Da 'yarsa ce ke, da na ce ki yi taka tsantsan, domin tsakanin ɗa da uba akwai kunya. Ke jika ce. A al'adarmu jika ce ke da lasisin wasa da kaka, ita ce matarsa ta wasa, ita ke ce masa tsoho ka kusa mu ci gumba, ya kai mata duka da carbi yana dariya. "Uwargida" da yake kiranki daga nan ta fito. Abin da baffanninki ba za su iya faɗa a bainar jama'a ba, ke in kika faɗa ba wanda zai ga baƙonsa. Ina ma zaton wannan na cikin dalilin da ya sa suka ba ki aikin, ko da sun ce boko ne.

Saboda haka almakashin ya shiga. Amma akwai iyaka, kuma iyakar a bayyane take. An hana mu zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Abin da za ki auna da shi shi ne: da Alhaji na zaune a wurin, zai yi dariya ko zai haɗe rai? Faɗan almakashi zai yi dariya, wataƙila ma ya ce ai gaskiyata ce, almakashin yadi in aka yanka takarda da shi ya dakushe. Kuma da gaskiyarsa, kowane tela zai gaya miki haka. Irin wannan aibin ado ne, shi ke sa a yarda da yabon da ke gefensa. Amma abin da ya bar wa wani ciwo har yau, kamar saki, ko fifita wani ɗaki, ko rigimar gona, ko bashin da ake taƙaddama a kai, ko kusa da shi kada ki je, ko da wasa. Ba ranarsa ba ce, kuma ba ke ce mai buɗe shi ba.

Zancen ɗaki uku ma ta nan za a bi da shi. Hanyar da mutane suka fi bi ita ce su jero sunan kowa don kada a yi fushi, sai rubutun ya koma takardar rabon gado, kuma duk da haka sai an samu wanda aka manta ko wanda aka sa a ƙarshe. Ni shawarata kada ki ambaci sunan ɗa ko mata ko ɗaya. Ki zaɓi labaran da suka faru a wurin da kowa ke da rabo: shago, zaure, hanyar masallaci, daren sallah. Shago ba na ɗakin kowa ba ne. In kuma kin kawo maganar da kika samo daga wata matarsa, to ki tabbata kin zauna da dukansu, ki ce "iyayenmu mata sun gaya mini," ba tare da ware ɗaya ba. Tun a farko kuma ki faɗi matsayinki da jimla guda, cewa abin da za ki faɗa ganin jika ne, kowa a nan yana da nasa Alhajin da ya sani. Wannan jimlar tana kashe ƙorafi da yawa tun bai tashi ba.

Game da addininsa, nan ma rana za ki nema. "Mai riƙo da addini" kowa an faɗa masa. In kin san yana tsayar da keke a tsakiyar ɗinki da an kira salla ko da mai kaya na tsaye, ko akwai surar da yake yawan karantawa yana aiki, wannan za ki faɗa. Abin da ba za ki yi ba shi ne yanke masa makoma. Lokacin da Usmanu ɗan Maz'un ya rasu a Madina, wata sahabiya, Ummul Ala, ta ce ta shaida Allah ya karrama shi, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta me ya sanar da ita haka, sannan ya ce shi yana yi masa fatan alheri. To "ɗan aljanna ne" ba namu ba ne mu faɗa. Namu shaidar abin da ido ya gani, sai roƙo. Na san kuma akwai malaman da ba su yarda da taron arba'in ɗin kansa ba. Wannan tsakanin gidanku ne da malamanku, ni rubutun kika tambaye ni, kuma gyaran ɗaya ne ko a wane zama za ki karanta shi.

Tsawonsa kada ya wuce minti huɗu. A yadda na saba gani, mai karanta Hausa a natse a gaban jama'a yana cin kalma ɗari da 'yan kai a minti guda, wato kalma 450 zuwa 500 sun ishe ki, shafi ɗaya ke nan da ɗan ƙari. Labari uku kawai zai ɗauka. Za ki dawo daga wurin tsofaffi da goma, kuma zubar da bakwai zai yi miki ciwo, amma ki rubuta su a wani littafi dabam ki ajiye wa 'ya'yanki. Ni da zan jera miki, da na fara da "uwargida" domin mutane su saki jiki, in bi da almakashi a yi dariya, sannan buhun ƙyalle ya zo daga ƙarshe lokacin da ba wanda ya shirya masa. Tarihin haihuwa da shekarar da ya fara ɗinki da yawan 'ya'ya da jikoki, jimla biyu sun isa, kowa a wurin ya sani. Bayan buhun sai addu'a gajera, Allah ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya suturta shi kamar yadda ya suturta marayu. Kin ga ko addu'ar ma ta zama tasa shi kaɗai.

In kin gama, ki sake kiran ƙanen nan naki, tunda Allah ya ba shi kunne. Ki karanta masa da babbar murya, a tsaye, yana duba agogo. Duk jimlar da numfashinki ya yanke kafin ki kai ƙarshenta, ki raba ta biyu. Duk kalmar da ba za ki iya faɗa wa kakarki a tsakar gida ba, irin su "gwarzo abin koyi" da "giɓin da ba mai cikewa," ki musanya ta da yadda kike magana. Sannan ki ba shi biro ki ce ya ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da za ta zauna daidai a makokin kakan maƙwabcinku. In ta wuce addu'a da gaisuwar buɗewa, da sauran aiki.

Ki buga shi da manyan haruffa, ki yi kwafi biyu, ɗaya a hannunki ɗaya a hannunsa. A wajen gwaji za ki gane layin da muryarki ke karyewa, kuma ina kyautata zaton wurin da kika ce bai taɓa gaya miki ba ne. Ki sa alama a gefensa. In kin iso wurin ranar arba'in ki tsaya ki haɗiye, ba wanda zai ƙosa. In abin ya ci tura, ƙanenki ya ɗauka daga inda alamar take ya ƙarasa addu'ar.

Kafin ranar kuma ki leƙa ƙarƙashin keken ki ga ko buhun na nan. In ba a taɓa shi ba, ki roƙi baffanninki kada a zubar.